Surukata ba ta taɓa cewa na yi daidai ba

Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 23, wata 15 da aurena, ina goyon yarinya 'yar wata uku. A Kano muke, cikin gidan su mijina. Sashenmu daban, amma tsakar gida da madafi ɗaya muke da mahaifiyarsa, Hajiya, kuma shi ne ɗanta na fari. Tun da na tare ban taɓa yin abu ta ce ya yi ba. Tuwo ya yi ruwa, miya ta yi gishiri, shara ban kai lungu ba, goyo ban iya ba, har a gaban baƙi take faɗa. Yanzu kuma ta matsa sai na ba yarinya ruwa, alhali a asibiti an ce nono zalla har wata shida. Makon jiya na kasa daurewa na mayar mata da magana, ta yi kuka, ta gaya wa ɗanta, ya yi kwana biyu bai ci abincina ba. In na kai masa kuka sai ya ce in yi haƙuri, uwa ce. Ba na so in zama marar kunya, amma kullum zuciyata tafasa take. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya yarinya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Zan fara da abin da na tabbata yana cinye miki ƙarfi ba ki sani ba. Kullum kina shiga madafi da fatan yau ce ranar da Hajiya za ta ɗanɗana ta ce madalla. Wannan fatan ne yake sa kowace magana tata ta sauka a kanki kamar sabuwa. Ki gwada tuna baya. Ranar da ta ce gishiri ya yi yawa, washegari da kika rage, me ta ce? In ta yi shiru, to gyara take yi da gaske, sai ki karɓa. In kuwa cewa ta yi miyar ta yi lami, ko ta bar miyar ta koma kan tuwo, to ba gishiri ne a gabanta ba, kuma ko da ma'auni kike zuba shi ba za ki tsira ba.

To mene ne a gabanta? Ba na cikin zuciyarta, amma akwai abin da kika faɗa wanda na riƙe: ɗan fari ne. Kin san yadda iyayenmu mata suke da ɗan fari. Da yawansu ba sa ko kama sunansa, ba sa zama hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Mace irin wannan ta shafe shekara talatin ko kusa da haka tana nuna wa ɗanta ƙauna ta hanya ɗaya da kunya ta bar mata, wato kwanon abincinsa. Sai ga ki kin zo, kwanon ya koma hannunki. Ba za ta iya buɗe baki ta ce tana kewar ɗanta ba, alkunya ba za ta bar ta ba. Abin da bakinta zai iya furtawa shi ne, "Ba haka yake son tuwonsa ba." Ki haɗa da cewa mutanen zamaninsu da dama sun tashi a kan cewa yabon yaro a gaban idonsa ɓata shi yake yi, kuma ita ma wataƙila haka tata surukar ta yi mata. Ban faɗi wannan don in wanke ta ba. Kushe mutum a gaban baƙi ba daidai ba ne, ko wa ya yi. Na faɗa ne don ki daina karɓar kowace magana a matsayin hukunci a kan tarbiyyar gidanku. Wadda ta san ba ita ake nufi ba ta fi iya riƙe bakinta.

Yanzu ga lokacin da abin yake faruwa, don a nan ne ake faɗuwa. Fushi a jiki yake fara sauka kafin ya kai ga harshe. Ƙirji ya ɗau zafi, numfashi ya gajarce, kunne ya yi ɗumi, hannu ya soma rawa. Tsakanin wannan da fitar magana akwai ɗan lokaci kaɗan, kuma shi kaɗai kike da shi. An ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ke kuwa al'ada ta sauƙaƙa miki wannan, don dama ba a tsaye ake sauraren suruka ba. Da ta fara, ki ajiye ludayi ko tsintsiyar da ke hannunki, ki durƙusa, ki sunkuyar da kai. Ita ladabi take gani, ke kuma jikinki kike kwantarwa. A sunkuyen nan ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko takwas, sau uku. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya, kuma ba wanda zai lura kina yi. Ki nemi tsari daga Shaiɗan kamar yadda ya zo a hadisin Sulaimanu ɗan Surad, amma a zuci. In kika furta a'uzu billahi a fili tana tsaka da magana, cewa za ta yi ita kika kira shaiɗaniya, kin buɗe sabon babi ke nan.

Sannan amsa. Kada ki bari sai a lokacin za ki nemo ta, domin abin da zuciya mai tafasa za ta miƙo miki ba zai yi kyau ba. Ki tanadi jimla ɗaya gajera tun yanzu, ki maimaita ta har ta zauna a bakinki: "To Hajiya, na ji, za a gyara." Shi ke nan. Na san abin da zai taso miki shi ne bayani, cewa icen ne ɗanye, ko garin ne bai yi laushi ba, ko jiya ita da kanta ta ce a ƙara gishirin. Duk gaskiya ne, amma kowane bayani da "amma" yake farawa, kuma a kunnen babba "amma" musu ce. Kina ba ta dalili ɗaya, ta samu abin kamawa, maganar minti ɗaya ta koma ta rabin awa. "Na ji" ba ta da ƙugiyar da za a rataya wata magana a kai. Kuma ba ƙarya kika yi ba, kin ji ɗin. Ba ki ce kin yarda ba.

Sai dai akwai shirun da ya fi magana muni, kuma mu mata mun san shi. Kumbura fuska, dangwarar da kwano, tsaki in an juya baya, ƙunƙuni a madafi, ko a ɗauki jaririya ana yi mata wasa ana sakin habaici. Hajiya ta riga ki sanin duk waɗannan, ba ɗaya da zai wuce ta. In kin ce "na ji", ki bar fuskarki a sake, ki ɗan jira ta kai aya, sannan ki nemi hanyar tashi da dalili: "Bari in duba yarinya." Ki shiga ɗaki, ki yi alwala ko ki wanke fuska da ruwan sanyi. In kuka ya zo ki yi abinki a can. Ba laifi ba ne, kuma ya fi ki haɗiye shi ya fito da wata siffa da daddare a gaban mijinki.

In a gaban baƙi ne, amsar ta ɗan bambanta, don shiru a nan yana ƙara nauyin wurin. Ki yi murmushi ki ce, "Ai koyo nake yi a wurin Hajiya." Baƙin nan mata ne masu ido, kowace ta san zaman gidan miji. Za su fita suna riƙe da wadda ta yi kawaici, ba da tuwon da aka kushe ba.

Abin da na faɗa zuwa nan na tare magana ne bayan ta fito. Akwai kuma dabarar rage fitowarta, kuma ita ce ta fi yi mini amfani a nawa zaman. Ni ma na zauna da uwar mijina shekara huɗu, Allah ya jiƙanta. Tuwon dawa ne ya zame mana abin faɗa. A gidanmu tuwon shinkafa da na masara aka fi yi, nawa na dawa kuwa kullum sai ta ce ya yi gudaji ko bai nuna ba, kuma wani lokacin gaskiyarta ne. Na yi wata da watanni ina gyarawa a ɓoye, ina jiran ta yaba, ba ta yaba ba. Ranar nan na ɗora ruwa, na je na durƙusa na ce, "Inna, ki zo ki tsaya a kaina, so nake in iya irin naki." Ta yi kamar ba za ta taso ba, can sai ga ta da kujerarta. Ta nuna mini kaurin da talge ya kamata ya yi, ta hana ni zuba gari sai da ya dahu sosai, ta nuna yadda ake barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya, sannan a rage wuta a rufe ya turara kafin a kwashe. A daren ba ta ce ya yi daɗi ba. Amma ba ta ce komai ba, kuma daga ranar tuwo ya fita daga cikin abin da take kushewa, don ya zama nata. Sauran abubuwan ba su ɓace ba, raguwa suka yi, a hankali.

Ke ma ki yi haka da miya. Ki zuba gishiri ƙasa da yadda kika saba, ki ɗebo a ludayi ki kai mata kafin ki sauke: "Hajiya, ɗanɗana mini, ya ji ko a ƙara?" Wadda ta yanke yawan gishiri da bakinta ba ta da abin cewa a kansa in an zauna ci. In miyar kuka ce, ki tambaye ta yadda take kaɗa tata ba ta yi gudaji ba, ko da kin iya. Amma ki kiyaye iyaka. Abu ɗaya a rana ya isa, kuma a cikin abin da kuke tarayya a kai, wato madafi da tsakar gida. In kika shiga neman izini a kan komai, har da labulen ɗakinki da abin da za ki dafa wa mijinki da safe, kin miƙa gidanki da hannunki, karɓowa kuma sai an yi rigima.

Maganar ruwan yarinya daban take da duk waɗannan, kuma ina so ki raba su sosai a ranki. Gishiri, shara, ɗaurin zanen goyo, duk ana iya cewa "na ji" a wuce. Wannan ba a wuce shi. Abin da aka gaya miki a asibiti daidai ne, shi ne kuma matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya: nono zalla har wata shida. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, yana kashe wa jariri ƙishi ko a zafin Kano na watan Afrilu. Cikin jariri ƙarami ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, in ya rage tsotso nono ya ragu. Ga kuma haɗarin gudawa in ruwan ko abin da aka ba shi da shi ba shi da tsabta. Alamar da za ta kwantar miki da hankali ita ce fitsari: in tana jiƙa ƙunzugu sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, kuma nauyinta yana ƙaruwa a awo, to tana samun abin da ya ishe ta.

Amma ki dubi yadda maganar take a kunnen Hajiya. Ita da ruwa ta raini nata 'ya'yan, ga su nan sun girma, ɗaya ma shi kike aure. In kika ce mata likita ya hana, abin da take ji shi ne yarinyar da aka haifa jiya tana cewa ba ta iya raino ba. Kuma tsakani da Allah tausayin jikarta take ji, gani take ana barin ta da ƙishi. Don haka kada kalmar "zamani ya canza" ko "mutanen da ba su sani ba" ta fito daga bakinki. In ta ce yarinyar nan ƙishi take ji, ki ce, "To Hajiya, bari in ba ta ta sha," ki sa ta a nono nan take a gabanta. Kin amsa damuwarta, ba ki ba da ruwa ba, ba ki yi musu ba. A watanni ukun da suka rage, in za ki yi wanka ko wani aiki, ki shayar da ita ta ƙoshi kafin ki miƙa ta, kada kuma ki daɗe, ba tare da kin nuna wa kowa dalili ba.

Hana ruwan da baki kuwa ba aikinki ba ne, na mijinki ne. Kuma ga dama tana zuwa: allurar rigakafi ta mako 14 ta kusa, in ba a riga an yi ba. Ki roƙi Hajiya ta raka ki, ki ce kina so ta riƙe miki yarinya in an yi allurar don ke ba kya iya kallo. A can ki yi wa ma'aikaciyar jinya tambayar a gabanta, kamar ke ce ba ki sani ba: "Da zafin nan, a ba ta ruwa?" Abin da ba za ta karɓa daga matar ɗanta ba, sau da yawa takan karɓe shi daga bakin ma'aikaciya, musamman in babbar mace ce.

Shi kuma maigidan, bari in gaya miki dalilin da ya sa kullum amsarsa ɗaya ce. In kika tare shi da "Hajiya ta ce, Hajiya ta yi", abin da yake ji shi ne ana so ya zaɓa tsakanin uwarsa da matarsa, kuma ba ɗan kirkin da zai yi wannan zaɓin da baki. Sai ya fake da "ki yi haƙuri". Ki daina kai masa labarin yini. Ki kai masa buƙata ɗaya wadda zai iya aikatawa, bayan ya ci ya huta, ba yana shigowa ba. Misali: "Ba ƙarar Hajiya na kawo ba, uwata ce, maganar girki kuma zan iya da ita. Abu ɗaya nake roƙo. Maganar ruwan yarinya, kai za ka yi mata, kuma ka ce kai ne ka hana, kada ka ce ni na ce." Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci. Uwa tana yafe wa ɗanta abin da ba za ta yafe wa matarsa ba. In ya ga ba so kike ya yi faɗa da mahaifiyarsa ba, zai fi samun ƙarfin tsayawa a inda ya kamata.

Ki kuma lura da wa kike sauke wa cikinki. Ba facala ba, ba ƙannen miji ba, ba habaici a waya inda kowa zai gani ba. Mahaifiyarki ma kada ki riƙa kai mata kowace ƙaramar magana, don ke za ki huce ki shirya da Hajiya, ita kuwa tana nan riƙe da abin da aka yi wa 'yarta. Ki zaɓi mutum ɗaya mai hankali da riƙon sirri, wata gwaggo ko yaya, wadda in kin yi kuskure za ta gaya miki. Sannan ki duba barcinki da cikinki. Mai shayarwa da ta kwana tana tashi, ta kai azahar ba ta karya ba, ko kallon banza aka yi mata sai ta fashe. Ki tuna ranar da kika mayar da magana, ina kyautata zaton ranar gajiya ce. In yarinya ta yi barcin rana, ki kwanta tare da ita, ko da za a ce kin cika barci. Wannan ma "na ji" ce amsarsa.

Akwai inda haƙurin shiru yake ƙarewa, kuma ba zan ɓoye miki ba. In abin ya wuce kushe ya kai ga zagin iyayenki, ko duka, ko hana ki abinci, ko jifan ki da asiri, ko matsa wa ɗanta ya sake ki, to ba maganar numfashi da kawaici ba ce kuma. Sai manya sun shiga: waliyyinki, da wani wanda Hajiya take jin nauyinsa, kamar yayanta ko wata aminiyarta. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa asali mace tana da haƙƙin ƙin zama wuri ɗaya da dangin miji, kuma ko wadda aka yi sharaɗin zaman da ita tun farko, in cutarwa ta tabbata ana raba mata wuri. Ba lalle sai an bar gidan ba. Sau da yawa raba tukunya kaɗai, ki samu murhunki a sashenki kina aika wa Hajiya nata kwanon, yana kashe rabin fitinar. Haka nan in kika ga kin haura mako biyu kullum cikin kuka, barci ya ƙi zuwa ko da yarinya ta yi nata, abinci ya fita ranki, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, ki gaya wa ma'aikatan asibiti. Akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, ana maganinsa, kuma ba raunin imani ba ne.

Saura abin da ya faru makon jiya, wanda ban ji kin ce an rufe shi ba. Kada ki jira mijinki ya kai ki, ki je da ƙafarki. Gobe da safe in kin je gaishe ta, ki tafi da yarinya, ki durƙusa, bayan gaisuwa ki ce, "Hajiya, na ɗaga miki murya ranar nan, ban kyauta ba. Ki yafe mini." Ki tsaya a nan. Kada ki ƙara da dalilin da ya sa kika yi, kada kuma ki yi alkawarin ba da ruwa don ki faranta mata, ɗaga muryar kike ba da haƙuri a kai, ba maganar ruwan ba. Mai yiwuwa ta ce ya wuce. Mai yiwuwa kuma ta ɗauko faɗan daga farko, har da abin da kika manta. In ta yi haka, kanki a ƙasa, ki ja numfashinki, ki bar ta ta zazzage duka. In ta gama ki ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya," ki miƙa mata jikarta, ki tambaye ta me take so a dafa da rana.